Wasiƙar neman aiki a situdiyon katun: in faɗa musu ban yi makarantar abin ba?

Dan_Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa. Wani ƙaramin situdiyo a Yaba na neman ƙaramin ma'aikacin animeshan na 3D, katun ɗin yara suke yi suna sawa a YouTube. Sun ce a turo CV da wasiƙar neman aiki da shoril, wato gajeren bidiyon da ke nuna ayyukan da mutum ya yi, Blender ko Maya duk ɗaya ne a wurinsu. Ni ban yi makarantar wannan sana'a ba. Difloma na yi a harkar kasuwanci, da rana ina aiki a shagon buga fosta da katin biki, da daddare nake koyon Blender, yau shekara 3. Da Turanci na rubuta wasiƙar, amma ga abin da ke ciki:

"Cikin girmamawa nake rubuto wannan takarda domin neman gurbin da kuka tallata. Tun ina yaro nake son katun, burina ke nan a rayuwa. Duk da Allah bai ba ni ikon yin karatun animeshan ba, ni mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana da saurin koyo. Na iya Blender, Maya, After Effects, Photoshop da CorelDRAW. Ina roƙon ku ba ni dama ko da ba albashi a farko, ba za ku yi da-na-sani ba. Na liƙa ayyukana a ƙasa."

Tambayata, in bar maganar rashin makarantar ko in cire? Wani abokina ya ce kada in tona wa kaina asiri. Shoril ɗin yana kan Drive, minti 4 ne, na sa link a ƙasa.

Mile12_Tumatur:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba da sa'a. Ni dai ban san kan abin ba, amma "ko da ba albashi" ɗin nan cire shi. A Legas kake fa, ba a gidanku ba. Wa zai biya maka kuɗin mota?

Maman_Ilham:
Ƙanina, shekara 9 ina karanta takardun masu neman aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Ikeja. Wasiƙarka ba ta da tsari. Ba adireshi, ba kwanan wata, ba kanun da ke nuna gurbin da kake nema. Sannan ba a fara takarda da abin da ba ka da shi. Ka cire maganar makarantar gaba ɗaya, wanda yake son sani zai gani a CV. Ka mayar da ita PDF, shafi ɗaya, kada ka tura Word don tsarin yakan wargaje a wata kwamfutar.

Kifirem24:
Dan_Agege, kafin a je ga wasiƙa, link ɗinka ba ya buɗuwa. Na danna ya ce in nemi izini. Da a akwatin situdiyo ne wannan ya faru, shi ke nan an wuce ka, ba wanda zai zauna jiran ka ba shi izini alhali ga wasu imel na jira. Shiga Share ka canza daga "Restricted" zuwa "Anyone with the link". Abin da ya fi ma, ɗora shi a YouTube ka sa "Unlisted", ko Vimeo, don a danna ya fara nan take ba sai an sauke ba. In ka gama ka gwada da wayar wani wanda bai shiga da akawun ɗinka ba.

Dan_Agege:
Innalillahi. Wallahi ni yana buɗe mini, shi ya sa ban lura ba. Na gyara yanzu yallaɓai, sake gwadawa.

Obalende_Sharp:
Matsalar takarda ce kawai? Akwai kwasa-kwasai na sati 2 a intanet da ke ba da satifiket, ka yi ɗaya ka liƙa, ka rubuta kai ma ka yi karatu. Kowa haka yake yi. Sannan wane laftof kake amfani da shi? Nawa yana zafi sosai in ina renda.

Zee_Zane:
Oga Sharp, ba satifiket suka nema ba, shoril suka nema. Ka sake karanta tallar da ya kawo.

Kifirem24:
Ya buɗe, na kalla sau biyu. Ni ke duba aikin ƙananan ma'aikata a wani situdiyon mu 11 a Surulere, kuma in an tallata gurbi ni ake tura wa imel ɗin, don ba mu da wani ofishin ɗaukar ma'aikata. Bari in faɗa maka yadda abin ke tafiya a wurina. Ina buɗe imel, idona link yake nema. In na kalli daƙiƙa 15 na farko na ga alamar mutum ya san nauyi da lokaci, sai in dawo in karanta wasiƙar. In ban gani ba, ba na dawowa. Ke nan wasiƙar tana da aiki biyu, ta kai ni ga link ba wahala, sannan ta amsa tambayoyin da bidiyon ba zai iya amsawa ba.

Hajiya Maman_Ilham ta yi gaskiya cewa ba a farawa da ban haƙuri. Inda na saɓa da ita shi ne cirewa gaba ɗaya. Ni ban damu da ka yi makaranta ko ba ka yi ba, rabin waɗanda muke aiki tare ba su yi ba. Abin da nake tsoro ga wanda ya koya wa kansa daban ne. Mutum ya shekara 3 shi kaɗai a ɗaki, ba wanda ya taɓa ce masa "wannan bai yi ba, sake". Ran da darakta ya dawo masa da shot sau huɗu, sai ya ɗauka raini ne. Na biyu, bai saba da rig ɗin da wani ya haɗa ba, wato ƙasusuwan da ake motsa ɗan katun da su, da sunayen fayil na mutane, da ranar miƙa aiki. Waɗannan su ne wasiƙarka za ta kwantar mini da hankali a kansu. Don haka ka faɗi cewa kai ka koya wa kanka, cikin jimla ɗaya, ba "duk da", ba roƙo, sannan ka bi ta da hujjar cewa an taɓa gyara maka aiki ka karɓa.

Jerin manhajojin nan kuma, tsakani da Allah, yaushe rabonka da buɗe Maya?

Dan_Agege:
Gaskiya sau biyu na taɓa buɗe ta a kwamfutar wani. Na ga sun rubuta a tallar ne shi ya sa na sa.

Kifirem24:
To cire. In sun kira ka suka ajiye ka gaban Maya suka ce gyara wannan tafiyar, a minti 5 za a gane, kuma daga nan duk abin da ka rubuta ya zama abin zargi har wanda yake gaskiya. Sun ce Blender ko Maya, kai kana da Blender, ya wadatar. CorelDRAW ma bar shi a CV, ba mai buga fosta suke nema ba.

Baban_Khalifa:
Yaro, duk wannan dogon turanci ne. Shekarata 30 a garin nan, ban taɓa ganin takarda ta ba mutum aiki ba sai da wanda ya tsaya masa. Ka nemi wanda ya san mai wurin. Ko ka shirya ka je da ƙafarka ka gaishe su, su ga fuskarka. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe, amma ido wa ka sani, shi ma wanda ya zo.

Zee_Zane:
Baba, a gafarce ni, a wannan sana'ar abin ya ɗan bambanta. Ni ban san kowa ba lokacin da aka ɗauke ni, 2D nake yi, da Krita na fara a gida a Idi-Araba kafin na koyi Toon Boom a wurin aiki. Sanayya na taimakawa a buɗe imel ɗinka da wuri, wannan gaskiya ne, amma ba ta sa tafiyar da ka zana ta yi kyau. Zuwa ba sanarwa kuma ban ba shi shawara ba, wurin mutum 8 ko 10 ne, ba mai tarbar baƙi, wanda zai taso ya buɗe maka ƙofa aikinsa ya bari.

Dan_Agege, abin da ya taimake ni shi ne na kalli ayyukansu kafin na rubuta. Na ambaci wani sashe ɗaya da na kalla, na ce ga abin da na lura a yadda suke motsa idanun yaran, na ce irin wannan nake da shi a shot na biyu. Oganmu daga baya ya ce a nan ya gane ba wasiƙa ɗaya na raba wa kowa ba. Taka wasiƙar ko banki za ka iya tura wa, ba abin da zai canza.

Baban_Khalifa:
To, ku ne 'yan zamani. Amma in an kira shi ya sa kaya masu mutunci.

Kifirem24:
Bari in shiga shoril ɗin, don wasiƙa ba ta gyaruwa sai an san abin da za ta nuna. Minti 4 ya yi yawa ƙwarai ga mai neman matakin farko. Ka buɗe da sunanka yana juyawa cikin wuta har daƙiƙa 20, sai donat. Donat ɗin nan duk wanda ya fara Blender ya yi shi, ba abin da yake nuna mini sai cewa ka iya bin darasi. Sai tambarin shaguna guda biyar. Abin da ya sa na sake kallo yana can wajen minti 3, mai shayin nan da ke ɗaga kofi yana sheƙa shayi daga sama. Kafaɗarsa tana sauka kafin hannu ya tashi, yana ɗan tsayawa ya kalli mai saye. Wannan ka gan shi da idonka a bakin titi, ba a darasi ba. Shi ne zai zo farko.

Ka bar guda uku kawai: mai shayi, tafiyar yarinyar, da maganar nan ta daƙiƙa 11. Da katin suna na daƙiƙa 3 a farko da ƙarshe, duka ba zai wuce daƙiƙa 45 ba.

Amma tafiyar tana da matsala biyu. Ƙafar da ke ƙasa tana zamewa kamar a kan tayil mai ruwa. Dalili, jiki yana gaba da gudu ɗaya, ita kuma ƙafar da ta taka tana fara komawa baya a hankali, ta yi sauri a tsakiya, ta sake lafawa. Blender da kansa yake lanƙwasa layin tsakanin kifirem biyu, wato wuraren da ka kafa farkon motsi da ƙarshensa. Buɗe Graph Editor, zaɓi kifirem ɗin ƙafar daga inda ta taka zuwa inda ta ɗaga, danna T ka zaɓi Linear. Sannan nisan ya yi daidai, in jikin ya ci mita 1.2 a firem 24, wato taku biyu, to kowace ƙafa tana komawa baya da wannan saurin daidai muddin tana ƙasa. Ka ajiye wani ƙaramin abu a gefen diddige ka kalla, in diddigen ya bar wurin kafin ya ɗaga, ba ka gama ba.

Ta biyu, duk bidiyon yana ɗan sarƙewa. Na tsayar a YouTube ɗin da ka ɗora na riƙa danna alamar aya a kibod, firem bayan firem, sai na ga bayan kowane huɗu ɗaya yana maimaituwa. A 24 ka yi aikin, ka fitar a 30. Da me ka haɗa?

Dan_Agege:
CapCut a waya, yallaɓai. Ban ma san akwai wurin canzawa ba. Na ɗauka laftof ɗina ne ke wahala.

Kifirem24:
Ba laftof ba ne. Firem 24 ba sa cika 30 sai an ƙara 6 a kowace daƙiƙa, shi ne maimaicin. Ka fitar a 24, ko ka haɗa shi cikin Video Editing na Blender ɗin kansa. Mai kallo gama-gari ba zai san me ke damunsa ba, amma mai sana'a zai ɗauka kai ne ba ka iya tazarar motsi ba.

Obalende_Sharp:
To ni nawa zafin fa? Ba wanda ya amsa mini.

Mile12_Tumatur:
Kai Computer Village su share maka fanka su sa sabon man sanyaya. Bar yaro ya samu aiki tukuna.

Maman_Ilham:
Malam Kifirem, na ji bayaninka, amma ina nan kan bakata game da tsari. Ƙaramin wuri ne yau, gobe takardar na iya zuwa hannun akanta ko mai kamfanin da ba ruwansa da firem. Takarda mai adireshi da kanu tana nuna tarbiyya. Kuma "na koya wa kaina" wasu da sun gani suke rage albashi, na sha gani.

Kifirem24:
Hajiya ban ƙi ba, ya yi PDF mai tsari ya liƙa tunda sun nema. Amma ya kwafe maganar cikin jikin imel ɗin ma, link a layi na biyu ko na uku. Sau da yawa a waya nake fara dubawa, cikin mota, ba zan sauke PDF don neman link ba. Batun rage albashi kuwa, yana faruwa, ba zan musa ba. Sai dai CV ɗinsa zai nuna difloma a kasuwanci ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Gara ya faɗa da bakinsa a yadda yake so a ji.

Gwarzo_VFX:
Abin da ba wanda ya taɓo: yarinyar nan ta cikin tafiya ai Rain ce, rig ɗin Blender Studio. Na gane ta da gani. Ba laifi ba ne, kyauta suka sake ta, amma lasisinta CC-BY ne, dole ka ambace su. Kuma ko ba lasisi, in ba ka rubuta ba sai a ɗauka kana cewa kai ka ƙera ta. Ni an taɓa kama ni a haka a wata hira, aka tambaye ni yadda na haɗa fuskar, na yi ta kame-kame. Har yau in na tuna sai na ji kunya. A ƙasan kowane shot ka rubuta abin da kai ka yi da abin da ka aro. Mai shayin fa, naka ne?

Dan_Agege:
Mai shayin ni na ƙera shi, na yi masa ƙashi da Rigify. Shayin da ke zuba kuma ba simuleshan ba ne, wani dogon abu ne na riƙa miƙarwa da hannu don laftof ɗin ba zai ɗauka ba. Kunyar faɗa nake ji.

Gwarzo_VFX:
Kunyar me? Wannan ai shi za ka faɗa. Ƙaramin situdiyo kullum neman hanyar da renda ba za ta cinye dare da man janareta ba suke yi.

Zee_Zane:
Akwai abu ɗaya da nake ganin ya kamata ya shiga, ban san ko Malam Kifirem zai yarda ba. Maganar daƙiƙa 11 ɗin nan da Hausa ce, kuma bakin ya zauna daidai. Na lura a "fara" ba ka sa haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ba, leɓɓa biyu ka kusantar. Haka muke furta ta. Jadawalin siffofin baki da ake koyo da shi na Turanci ne, F ɗinsu haƙori ne kan leɓe, wanda ba Bahaushe ba haka zai sa, sai fuskar ta zama kamar ta baƙo. Haka "kwana" da "gwani", leɓe yana tattaruwa tun kafin sautin ya fito. A Legas masu wannan aikin da ke jin Hausa ba su da yawa. Duk ranar da aka kawo wa situdiyo tallar da za a yi da Hausa da Yarbanci da Ibo, wanda ya san bakin Hausa yana da amfani.

Sadauki_Alaba:
Ni kuma ina ganin kada ya sa. Ba a nemi Hausa a tallar ba. Kar ya je a mayar da shi mai fassara, kowane aikin Arewa a jibga masa, animeshan ɗin da ya je koyo ya gagara. Sannan mu faɗi gaskiya, ba ko'ina ake murna da jin daga ina ka fito ba.

Zee_Zane:
Sunansa na saman takardar ai, Yaya Sadauki. Me zai ɓoye?

Kifirem24:
Ni zan sa, amma a matsayin gwaninta, layi ɗaya a kan shot ɗin, ba labarin asali ba. Abin da Sadauki ya faɗa na jibga masa fassara yana iya faruwa, wannan sai an shiga ake sanin yadda za a yi da shi. Amma tunda wanda zai kalla mai yiwuwa ba ya jin Hausa, ka sa fassarar Turanci a ƙasan bidiyon, in ba haka ba ba zai iya auna ko motsin jikin ya dace da maganar ba.

Wani abin da nake son gani a wasiƙa, kuma da wuya a rubuto mini shi, shi ne tsawon lokacin da aiki ya ɗauka. Daƙiƙa 11 firem 264 ne. Kwana nawa ka yi?

Dan_Agege:
Kamar sati 3, awa biyu ko uku kowane dare in akwai wuta. Sau uku na sake shi, don na sa a wani zauren masu Blender wani ya ce hannayen suna motsi tare kamar madubi, kuma kan ba ya bin maganar. Na gyara na mayar, ya sake cewa ƙiftawar ido ta yi yawa.

Kifirem24:
To ga hujjar da nake nema tun ɗazu, ka ɓoye ta ka kawo mana "riƙon amana". Ka ajiye na farkon? In yana nan ka haɗa na farko da na ƙarshe gefe da gefe a wani link daban. Lokacin ma ka faɗa yadda yake. Awa 40 zuwa 60 ke nan a kan daƙiƙa 11. A aikin siris na yara wannan a hankali ne, a wurinmu bayan 'yan watanni muna son juniyo ya riƙa ba da daƙiƙa 3 zuwa 5 a rana, don motsin ya fi sauƙi kuma akwai ma'ajiyar tafiya da tsayuwa da ake ɗauka. Amma na fi son in san gaskiyar saurinka in tsara aiki a kai, da ka ce mini "ina da sauri" in gano a sati na biyu.

Mile12_Tumatur:
Daga Agege zuwa Yaba kullum fa? Ka yi lissafi kafin ka yi murna.

Sadauki_Alaba:
Akwai jirgin Red Line yanzu, tun 2024 yake ɗaukar mutane, yana tsayawa Agege yana tsayawa Yaba. Da katin Cowry ake shiga. Sai dai ka duba lokutan tashinsa, ba kamar danfo ba ne da za ka fito ko yaushe ka samu.

Maman_Ilham:
Wannan yana da kyau ya shiga takardar a taƙaice, cewa yana zaune a Legas kuma zai iya zuwa ofis kullum, da ranar da zai iya farawa. Ka ba mai shagonku sanarwa yadda ya kamata, kada ka ɓace masa. Albashi kuma kada ka ambata sam tunda ba su tambaya ba, ko sama ko ƙasa.

Gwarzo_VFX:
Ka shirya wa gwaji ma. Yawanci in shoril ya yi musu za su turo rig da sauti su ce yi daƙiƙa 5 ko 10 cikin 'yan kwanaki. Wannan daidai ne. Amma wani wuri sun taɓa ba ni "gwaji" na daƙiƙa 40 da tambarin wani kamfani a ciki, na yi sati ina yi, ba su kira ni ba, daga baya na ga abin a talla. In ka ga gwaji ya yi kama da aikin kwastoma, tambayi ko biya za a yi.

Zee_Zane:
Ni nawa gwajin kwana 3 ne ba biya, kuma na yi. Da na tsaya tambayar kuɗi ban san ko da an ɗauke ni ba. Ya danganta da wurin gaskiya.

Dan_Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya ban yi barci ba. Na gyara ƙafar, na fitar a 24, shoril ya koma daƙiƙa 43. Ga sabuwar wasiƙar, ma'anarta da Hausa:

"Ina neman gurbin ƙaramin ma'aikacin animeshan na 3D da kuka tallata. Ga shoril ɗina, daƙiƙa 43, link na nan ƙasa da wannan layin.

Shekara 3 nake aiki da Blender, ni na koya wa kaina da daddare bayan na tashi daga shagon ɗab'i, inda na saba da miƙa aiki ranar da aka yi alkawari. Shot na farko, mai shayi, ni na ƙera shi na yi masa rig na motsa shi. Shayin da hannu na motsa shi don ya yi saurin renda. Na biyu da na uku motsin kawai ne nawa, rig ɗin Rain ne na Blender Studio. Na ukun magana ce da Hausa, daƙiƙa 11, ta ɗauke ni kimanin awa 50, kuma sau uku na sake ta bisa gyaran da wasu masu sana'ar suka yi mini. Na sa link na biyu da ke nuna na farko da na ƙarshe.

Na kalli sassa shida na shirinku. Na lura yaranku sukan tsaya cak a siffa ɗaya mai ƙarfi sannan su zabura zuwa ta gaba, ba a cika motsi ba dalili ba. Irin abin da na gwada ke nan a shot na uku bayan gyara. Ban taɓa aiki cikin tawaga ba, kuma ban yi amfani da Maya ba. Ina zaune a Agege, zan iya zuwa ofis kullum, zan iya farawa sati 2 bayan kun sanar da ni. A shirye nake in yi gwaji."

Ya kuka gani?

Kifirem24:
Wannan zan karanta har ƙarshe. Gyara biyu. Cire "ban yi amfani da Maya ba", ba wanda ya tambaye ka, cewa na yi kada ka yi ƙarya, ban ce ka kai ƙarar kanka ba. Sannan kan imel ɗin ka rubuta sunan gurbin daidai yadda yake a tallar, sai sunanka, don da shi ake nemo ka in an tashi. Ƙafar ta daina zamewa, amma yanzu gwiwar hagu tana ɗan ƙwacewa a firem ɗin da ƙafar ta miƙe gaba ɗaya. Sauke ƙugun kaɗan a wurin, ko ka ɗaga diddige firem ɗaya da wuri.

Maman_Ilham:
Ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Amma "ban taɓa aiki cikin tawaga ba" ni ba zan bari ba. Ai kana aiki da mutane a shago, wannan ba tawaga ba ce? Kuma babu godiya a ƙarshe, ko layi ɗaya ne ka sa.

Kifirem24:
Godiyar ya sa, Hajiya ta fi ni gaskiya a nan. Na tawagar kuma ni na fi son ya bari, ya ce tawagar animeshan, don in na san haka zan zaunar da shi kusa da wanda zai nuna masa yadda muke ajiye fayil tun ranar farko.

Maman_Ilham:
Kai ke nan. Ba kowane mai karantawa ne kai ba.

Baban_Khalifa:
Har yanzu ba wanda ya ce ya san wani a wurin?

Zee_Zane:
Dan_Agege, kada ka jira Juma'a da yamma, wuta ko netwok na iya yi maka tsiya. Kuma waƙar da ka sa a bayan shoril ɗin ta wani mawaƙi ce, YouTube na iya kama ta, sannan tana danne maganar shot na uku. Cire ta, sautin shayin da muryar sun isa.

Dan_Agege:
To Anti Zee, zan cire. Gwiwar nake kai yanzu, na sauke ƙugun amma sai kafaɗa ta biyo shi ta karkace. Yallaɓai Kifirem, in na sake ɗorawa bayan isha'i za ka samu duba mini? Na tawagar kuma ban yanke ba tukuna, na rubuta iri biyu na ajiye.